Shi ya ba 51, ita ta ba 48, kuma hoto ɗaya suka duba

Malam Sabo: Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar maki. Mun gama jarrabawar gwaji ta 'yan ajin ƙarshe na babbar sakandare, darasin lissafi, wadda muke tsarawa a kan salon WAEC. Al'adarmu ita ce cikin kowace takarda goma mukan zare ɗaya mu ɗauki hotonta tun jan biro bai taɓa ta ba, mu tura wa malamai biyu, ɗaya tamu, ɗaya na wata makaranta da muke musayar aiki da ita. Kowa ya yi makinsa bai san abin da ɗan'uwansa ya bayar ba. In tazarar ba ta wuce maki 2 ba, sai mu bar na malamarmu. In ta kai 3, dole a zauna.

To ga wata takarda, malamin waje ya ba ta 51, malamarmu ta ba ta 48. A wurinmu 50 ce farkon C6, ƙasa da ita D7 ce. Kowannensu ya ce ya bi sikim, wato takardar da ta tsara yadda za a raba makin kowace amsa. Ni kuma ba malamin lissafi ba ne, jami'in jarrabawa ne kawai, kuma shugaban makaranta na jiran sakamako. Ya ake raba wannan gardama?

Auwalu Physics: Wa alaikumus salam. Malam kada ka wahalar da kanka. Haɗa su ka raba biyu, kowa ya sauko kaɗan, a wuce wurin. Takarda nawa za a tsaya yi wa shari'a?

Malam Sabo: Na gwada, Malam Auwalu. 49.5 ta ba ni. In na ɗaga ta koma 50 yaro ya samu kiredit, in na yanke ta koma 49 ya rasa. Ka ga ke nan ni da ban karanta takardar ba ni zan yanke masa hukunci da rabin maki.

Mushe Issoufou: Salamu alaikum daga Damagaram. Ni abin ya ɗaure mini kai. Maki 3 fa? A wajenmu wanda ya samu 8 da wanda ya samu 11 ai ba su haɗa hanya ba, ɗaya ya faɗi, ɗaya ya haye. In malamai biyu suka saɓa har haka a takarda guda, to ɗaya bai san darasin ba, ko kuwa ya san yaron.

Malama Hadiza: Mushe, cikin 100 ake magana, ba cikin 20 irin naku ba. Uku cikin 100 bai kai maki ɗaya ba a ma'auninku. Kuma ba su ga sunan yaron ba, ko Malam Sabo?

Malam Sabo: Lamba ce kawai a kan takardar, na rufe sunan kafin na ɗauki hoton.

Mushe Issoufou: To a gafarce ni, na ɗauka bisa 20 ne. Amma tunda a bakin layin ci da faɗuwa abin ya tsaya, ƙaraminsa ma babba ne.

Baba Lawal: Malam Sabo, ajiye jimlar nan tukuna, 51 da 48 ba abin da za su gaya maka. Na yi shekaru ina zuwa makin WAEC, kuma abin da ake fara yi kafin a ba kowa kunshin takardunsa shi ne kodineshan: a raba mana kwafin takardu iri ɗaya, kowa ya yi maki, sannan a bi su. Ba a tambayar mutum nawa ya ba takarda sannan a tsaya nan. Layi-layi ake bi, ina ka ba M1, wato maki ɗaya na hanyar aiki, ina ka hana, me ya sa.

Raba biyu da Auwalu ya kawo yana da wurinsa, amma ba a nan ba. Yana aiki ne inda duka malaman biyu suke da gaskiya gwargwado, abin ya zama na auna kyau da rashinsa. A lissafi kuwa kusan kowane maki ko dai yaro ya cancance shi ko bai cancanta ba. In ɗaya daga cikinsu ya yi kuskure ka raba biyu, rabin kuskuren ka ɗora wa yaron, kuma ba ka gano kuskuren ba balle ka hana shi faɗawa sauran takardu.

Ka ce kowannensu ya turo maka makin kowace tambaya, kuma a cikin kowace tambaya ya jero alamomin yadda suke a sikim, M na hanya, A na amsa, B na abin da ake ba maki shi kaɗai ba tare da duba hanya ba. Kada ka nuna wa ɗaya na ɗaya tukuna.

Malam Sabo: To Baba, Allah ya ƙara girma. Makin kowace tambaya yana hannuna tun farko, domin a wata takarda daban suka rubuta tunda ba a rubutu a kan hoto. Sun daidaita a ko'ina sai wuri uku. Tambaya ta 2, shi ya fi ta da maki ɗaya. Ta 5, ya fi ta da ɗaya. Ta 7, shi 5 ita 4. Ɗaya, ɗaya, ɗaya, ga ukun nan. Jerin alamomin ne babu, yanzu na aika musu.

Malama Hadiza: Kafin su amso bari in kawo namu, ni Hausa nake koyarwa. A insha'i tazarar 3 ba labari ba ce. Wani yana son yaro mai karin magana, wani yana ganin cika ta da yawa ɓata rubutu ne. Mu dai in mun saɓa mukan dawo kan kashe-kashen maki, wato saƙo, tsari, salon magana, da ƙa'idojin rubutu. Na ƙa'idojin rubutu ƙirgawa ake yi, ko yaro ya sa lanƙwasa a ƙ da ɗ ko bai sa ba, ko ya raba kalma daidai ko bai raba ba, wannan ba a raba shi biyu. Na salo ne kawai muke haɗuwa a tsakiya. Ban taɓa zaton 'yan lissafi ma suna irin wannan rigimar ba, na ɗauka ku amsa ɗaya ce, ko an samu ko ba a samu ba.

Auwalu Physics: Da haka ne ai da mun huta, Malama.

Malam Sabo: Sun turo. Zan fara da ta 5 don ita ce mai sauƙi. Jerin malamin waje ga shi: M1 A1 M1 A0 B1 M1 A1. Na malamarmu ma haka yake, harafi da harafi. Ita ta rubuta 6, shi ya rubuta 7.

Baba Lawal: Gurabe bakwai ne, ɗaya sifili ne, jimla 6. Gurabe ya ƙirga maimakon maki. Wannan ba saɓani ba ne, tuntuɓen lissafi ne, kuma ya fi yawa in ana maki daga hoto, saboda ido yana kan waya, hannu yana kan wata takarda. A kan takardar asali makin yana gefen layin da ya haife shi, in ka zo haɗawa kana ganinsa. Cire ɗaya daga nasa. Yanzu 50 da 48 muke. Kawo ta 7.

Malam Sabo: Ta 7 maki 10 ce. Mutum ya tashi daga P ya yi tafiyar kilomita 8 a kan fuskar 060°, wadda ake aunawa daga arewa, zuwa Q, daga nan ya yi kilomita 5 a kan 160° zuwa R. Kashi na farko a nemo nisan P zuwa R, na biyu a nemo fuskar R daga P. Sikim ya raba haka: zane B2, kusurwar PQR B1, sai M1 M1 A1 na nisa, sai M1 A1 M1 A1 na kashi na biyu.

Shi: B1 B0 M1 M1 A0 M1 A0 M1 A0, jimla 5.
Ita: B2 B0 M1 M1 A0 M0 A0 M0 A0, jimla 4.

Baba Lawal: Ka gani? Tambayar da ka ce maki ɗaya ya raba su, ashe wuri uku suka saɓa. Ita ta fi shi da ɗaya a zane, shi ya fi ta da biyu a kashi na biyu, biyu ta cinye ɗaya, sai ya fito kamar ɗaya ne. In ka tattara duka takardar, wuri biyar suka saɓa, huɗu a ɓangarensa, ɗaya a ɓangarenta. Abin da suka yarda da shi su biyu 47 ne. Da saɓanin ya zo biyu nan biyu can, da jimlarsu ta fito iri ɗaya, da ka sa hannu ka ce malamanka sun daidaita.

Me yaron ya rubuta a kusurwar?

Malam Sabo: 100°. Ya ɗebe 60 daga 160. Sikim ya ce 80°.

Malam Nura Lissafi: Sannunku, yanzu na shigo na karanta daga sama. Wannan kuskuren kowace shekara sai an yi shi. In kana Q ka waiwayi P, fuskar 240° ce, wato 60 a ƙara 180. Sai ka ɗebe 160, saura 80°. Wanda bai ja layin arewa a Q ba shi ne yake ɗebe lambobin da ya gani a tambaya kai tsaye ya samu 100.

Da 80° aikin haka yake: PR² = 8² + 5² − 2(8)(5)cos80°, ya ba 75.11, nisan ya zama kilomita 8.67. Da 100° kuwa cos ɗin ya koma ƙasa da sifili, sai a ƙara maimakon a rage, a samu 102.89, nisa 10.14. Malam Sabo duba mini, 10.14 ya samu?

Malam Sabo: Ita ce, 10.14 km. A kashi na biyu kuma ya rubuta sinP/5 = sin100°/10.14, ya samu 29°, ya haɗa da 60, ya rubuta 089°. Sikim ya ce 34.6° sannan 095°.

Malam Nura Lissafi: To yaron ya iya aikinsa, a kusurwa kaɗai ya zame. Makin M na hanya ne. Tambayar da mai maki zai yi wa kansa ita ce, da lambobin da yaron ya shigo da su daidai ne, wannan hanyar za ta kai shi ga amsa? A nan za ta kai shi. Ya jera dokar sin daidai, gefen 5 yana fuskantar P, gefen PR yana fuskantar kusurwar Q, M1. Ya san cewa kusurwar da ya samu a kan 060° za a ɗora ta, M1. Makin A kuwa na dacewa da amsar sikim ne, 29 ba 34.6 ba ce, 089 ba 095 ba ce, A0 duka biyun. Malamin waje ya yi daidai a nan.

Abin ma da zai nuna wa malamarku ita da kanta shi ne, ta ba shi M1 M1 a kashi na farko alhali 100° ɗin tana ciki. In kuskuren kusurwa bai hana makin hanya a sama ba, me zai sa ya hana a ƙasa? Wani abin dariya ma, sin100° da sin80° abu ɗaya ne, 0.9848. Wato a layin nan lamba ɗaya tak ce ta bambanta da ta sikim, 10.14.

Malam Sabo: Na kira ta na karanta mata. Ta ce hujjarta ita ce a kashi na farko 8 da 5 suna nan yadda sikim ya nuna, ta ga abin kamawa. A na biyu kuma ta duba ba ta ga 80 ba, ba ta ga 8.67 ba, sai ta ga kamar layin gaba ɗaya ba na sikim ba ne. Amma ta yarda, ta ce a ba shi.

Auwalu Physics: To in haka ne ai har A ɗin ma a ba shi mana. Ya yi kuskure sau ɗaya, an hukunta shi a B0, duk abin da ya biyo baya daidai ne a kan lambobinsa. Mu a fizis haka nake yi, in yaro ya ɗauko amsar da ta karkace ya yi aiki da ita daidai, cikakken maki nake ba shi.

Baba Lawal: Rabin maganarka gaskiya ce, Auwalu. Akwai sikim da ke yarda da hakan, amma sai ya faɗa. Za ka ga an rubuta ft a gefen makin, ma'ana a bi yaro a kan lambarsa. Inda ba a rubuta ba, A na amsar sikim ce kaɗai. Malam Sabo, akwai ft a tambayar nan?

Malam Sabo: Babu, Baba.

Baba Lawal: To babu A. In kuna ganin sikim ɗin ya yi tsauri, yaro ya rasa maki huɗu a kan zamewa ɗaya, wannan magana ce ta gyaran sikim, a gyara wa kowa, ba a gyara shi a kan takarda ɗaya ba.

Kuma makin M ɗin ma yana da iyaka, kada a ɗauka kyauta ne. Da yaron ya ce kusurwar 90° ce ya kama Pythagoras, ya sauƙaƙa wa kansa tambayar, ya kauce wa abin da ake gwadawa, ba zan ba shi M ba ko da lissafinsa ya tafi sumul. Wannan da 100° bai rage wa kansa wahalar komai ba.

Yanzu 47 da 2, muna da 49 tabbatacciya. Saura biyu a rataye, tambaya ta 2 da zane.

Malam Sabo: Ta 2 ita ce 2x² − 5x − 4 = 0, a ba da amsa zuwa gurbi biyu bayan ɗigo. Sikim ya ce 3.14 da −0.64, kowace A1. Sun yarda a kan 3.14. A ta biyun shi ya ce ya ga −0.64, ita ta ce 0.64 ta gani ba alamar ɗebewa. Na buɗe hoton a wayata, wallahi akwai wani ɗan duhu-duhu a gaban sifilin, in ka so ka ce alama ce, in ka so ka ce datti ne.

Zainab ICT: Yallaɓai ta yaya ka tura musu hoton? In ta WhatsApp ne ka zaɓo shi daga cikin hotuna ka tura kai tsaye, manhajar tana matse shi ta rage masa nauyi, kuma abin da ke fara lalacewa shi ne siraran abubuwa, alamar ɗebewa, ɗigo, ƙaramar 2 da ke saman x. Tun 2023 sun sa maɓallin HD, ya fi, amma shi ma yana matsewa. In kana so ya je yadda kyamara ta ɗauke shi, ta Document za ka tura. Sannan wanda ya duba a kwamfuta da wanda ya duba a ƙaramar waya cikin rana ba abu ɗaya suka gani ba, ko da fayil ɗin ɗaya ne.

Malam Sabo: Kai tsaye na tura, ranki ya daɗe. Shi a kwamfuta ya duba, ita a waya.

Auwalu Physics: Shi ke nan an gama. Mai kwamfuta ya fi gani, a ba yaro makinsa, ya zama 50. Ko ba haka ba ma, ai in ana shakka yaro ake ba.

Baba Lawal: A'a. Shakkar da ake ba yaro ita ce wadda rubutunsa ya jawo kuma ba yadda za a warware ta, ga takarda a gabanka ka juya ta ka kasa gane 1 ce ko 7. Wannan shakkar ba yaron ya kawo ta ba, kyamara ce, kuma takardar tana cikin kabad ɗin Malam Sabo. Kada ma a sake ɗaukar wani hoto. Tashi ka ɗauko ta.

Malam Sabo: Na ɗauko, ni da shugaban sashen lissafi muka duba a bakin taga. Babu alamar ɗebewa. Layin da ke sama ya rubuta −2.55/4, alamar tana nan ɓaro-ɓaro. Da ya sauko layin ƙarshe sai ya rubuta 0.64 kawai. Duhun da muke gani a hoto tawadar bayan shafin ce, ya ja layin raba lamba a can da ƙarfi, takardar kuma sirirya ce, ya ɓullo daidai gaban sifilin. Da muka juya shafin muka ga layin.

Zainab ICT: Allah sarki. Wato babban allo ne ma ya ruɗe shi, ya zuƙo hoton har inuwar ta zama alama. Nan gaba ka sa baƙar takarda ko baƙin kwali a bayan shafin kafin ka ɗauka, rubutun baya ba zai fito sosai ba. Ka shimfiɗa ta a tebur, ka ɗauka daga sama a tsaye cikin hasken rana, ba filasha, kuma gefunan shafin huɗu su fito.

Malama Hadiza: Amma tsakani da Allah, tunda ya rubuta alamar a layin sama ai ya san da ita. Mantuwa ce. Ba za a duba wannan ba?

Malam Nura Lissafi: An duba, Malama, shi ya sa ya ci makin hanyarsa. A1 na ƙarshe na amsa ne, kuma 0.64 ba amsar tambayar ba ce. Sa ta a ciki ki gani, ba za ta ba ki sifili ba, wajen −6.4 za ta ba ki. Malamarku ce da gaskiya a nan.

Malam Sabo: To muna nan a 49. Saura zane, kuma yanzu shi kaɗai zai raba D7 da C6. Sikim cewa ya yi B2, a cire ɗaya a kowane kuskure, bai lissafa kurakuran ba. Yaron ya zana P, Q, R a inda ya kamata, ya sa 8 km da 5 km, ya ja layin arewa a P ya nuna 60°. A Q bai ja layin arewa ba, ya dai rubuta 160° a gefen layin QR. Shi ya ce wannan kuskure ɗaya ne, B1. Ita ta ce duk bayanan da tambaya ta bayar suna cikin zanen, siffar kuma daidai ce, B2.

Malam Nura Lissafi: Ni ina tare da malamin waje. 160° ba ta da ma'ana in ba a nuna daga ina aka auna ta ba. Lamba ce kawai a rataye. Kuma ga shaida, rashin layin ne ya kai shi ga 100°.

Malama Hadiza: Ai wannan shaidar taka ni a wurina hujjar yaron ce. Rashin layin ya jawo masa B0 a kusurwa, ya jawo masa A0 har uku. Yanzu kuma a dawo a sake cire masa a zane? Laifi ɗaya bulala biyar?

Malam Nura Lissafi: Ba laifi ɗaya ba ne. Akwai yaran da ba sa jan layin su samu 80° da ka, akwai masu ja su kuma samu 100°. Abu biyu ake gwadawa, shi ya sa aka ba kowanne makinsa.

Baba Lawal: Wannan kam saɓani ne na gaske, shi kaɗai cikin biyar ɗin. Sauran huɗun, ɗaya ƙidaya ta warware shi, biyu sikim, ɗaya takardar asali. Wannan sikim bai yi magana ba, kuma duka ɓangarorin suna da abin faɗa. Ni da kaina na fi karkata ga B1, amma ra'ayina ba shi ne abin ji ba.

Abin da nake jin tsoro shi ne duk wanda ke cikin zauren nan yanzu ya san makin nan shi ne kiredit ɗin yaro. Mai tausayi zai ga B2, mai son a ce ba ya sassauci zai ga B1, kuma dukansu ba zanen suke kallo ba. Shugaban sashenku ma ya riga ya sani tunda tare kuka duba. Ka nemi malami na uku wanda bai ji labarin ba. Kada ka ba shi takardar duka, kada ka gaya masa 49, kada ka gaya masa wa ya ba nawa. Ka haɗa zanen yaron da zanen wasu yara biyar ko shida na wannan tambayar, masu kyau da marasa kyau, ka ba shi da sikim, ka ce ya yi musu maki ya rubuta dalili a layi ɗaya. Abin da ya yanke a kan rashin layin arewa a Q sai a rubuta shi a jikin sikim, ya hau kan kowa.

Auwalu Physics: Baba, duk wannan a kan jarrabawar gwaji? Ba ita za ta kai shi jami'a ba fa. A ba shi 50 ya ji daɗi ya ƙara himma.

Baba Lawal: In ka ba shi, me za ka ce wa na kusa da shi da ya yi irin zanen aka cire masa, don kawai tasa takardar ba ta faɗo cikin waɗanda aka zara ba? Kuma ku daina kallon yaron nan shi kaɗai. Ba don shi aka zaro takardarsa ba, don a gwada makin ne. Ta nuna cewa malamarku tana hana M a kashi na biyu in lambar farko ta karkace. Ita ta yi makin sauran tara cikin kowace goma. Duk yaron da ya rubuta 100° a kunshinta mai yiwuwa yana bin ta maki biyu.

Malam Sabo: Wannan ne ban yi tunaninsa ba. Ke nan sai an sake buɗe kunshin gaba ɗaya?

Baba Lawal: Tambaya ta 7 kawai, kuma waɗanda suka amsa ta kawai. Aikin yamma ɗaya ne. Shi ma malamin waje a gaya wa makarantarsu cikin mutunci su sa wani ya bi haɗin makinsa, mai ƙirga gurabe sau ɗaya zai iya yi sau biyu.

Mushe Issoufou: Ni tambayata ɗaya. Dokarku ta ce sai tazara ta kai 3 ake zama. Da malamin bai yi kuskuren haɗawa ba, da 50 da 48 ne, tazara 2, da kun bar 48 kun wuce, ba wanda zai san da maganar M ɗin nan. Ashe kuskurensa ne ya taimake ku.

Malam Nura Lissafi: Mushe ya taɓo wurin. Ni da za a ji tawa, a daina auna tazara a jimla. A ce duk tambayar da jerin alamominsu ya bambanta a duba ta, ko jimla ta zo ɗaya. Sannan duk takardar da maki biyun suka faɗa gefe biyu na 50, a zauna a kanta ko da maki ɗaya ne tsakani.

Auwalu Physics: Wa zai biya kuɗin wannan zaman? Malamin da ke da aji huɗu, kowane aji ya haura mutum sittin? Ku faɗi abin da zai yiwu.

Malam Nura Lissafi: Jera alamomin ba ƙarin aiki ba ne, dama sai ka yanke su a ranka kafin ka rubuta jimla. Zainab za ta iya yi muku tebur a Excel, kowane gurbi da ɗakinsa, ya haɗa da kansa, ya kuma sa ja a inda biyu suka saɓa.

Zainab ICT: Zan iya, in Malam Sabo ya turo mini sikim ɗin. Amma ta Document.

Malam Sabo: Ga yadda aka ƙare. Na ba wata malamar lissafi ta ƙaramar sakandarenmu zane bakwai, ban ce mata komai ba. Uku daga ciki ba su da layin arewa a Q, duka ukun ta ba su B1, ta rubuta cewa ba a nuna inda 160° ta fara ba. Shugaban sashe ya amince an rubuta a sikim. Yaron ya tsaya a 49.

Malamarmu ta karɓi kunshin ta fara bin tambaya ta 7, ta ce ta riga ta ga waɗanda za a ƙara wa biyu. Sai dai hukuncin zanen ya zo da tasa rigimar, domin akwai waɗanda ta ba B2 da yanzu za su koma B1, wasunsu kuma an riga an nuna musu makinsu a aji. Ita ta ce a ƙara wa masu ƙari, a bar masu ragi tunda sun gani. Shugaban sashe ya ce ba a bin sikim rabi.

Malama Hadiza: Ni har yanzu ban gamsu da B1 ɗin nan ba, amma tunda an yi wa kowa, shi ke nan. Maganar ragi kuwa ina bayan malamarku. Yaro ya je gida ya ce ya ci 52, gobe ka ce 51 ce, uban zai zo.

Baba Lawal: Zai zo, sai a nuna masa zanen da sikim. Amma in aka bar su, shi mai 49 ɗin an yi masa hukuncin da ba a yi wa abokansa ba, alhali zanensu ɗaya. Ko dai a rage wa kowa, ko shugaban makaranta ya ce a wannan karon an yafe layin ga kowa, har da shi, ya koma 50. Duk wanda aka zaɓa cikin biyun zan iya kare shi. Na tsakiyar ne ba zan iya ba.

Malam Sabo: Zan kai masa duka biyun gobe da safe in Allah ya kai mu. Malama Zainab, duba, na turo miki sikim ɗin.